Buhu Ashirin

Litinin, 3 ga Nuwamba

Siminti ya iso bayan la'asar. Buhu 300 na yi oda daga wurin Alhaji, dila a Tudun Wada, kowanne naira 9,500, jimla 2,850,000. Kafin alƙalami 1,500,000 tun makon jiya.

Na sa 'yan sauke kaya su jera goma-goma a rumfa, kan katako. Aka gama, na ƙirga layi 28. Buhu 280 ke nan. Na leƙa bayan mota, sai ƙura da yagaggen tamfol. Direba ya ƙirga da kansa, yana dafa kowane layi. 28.

Ya miƙo takardar rakiyar kaya, 300 a jiki. "Maigida, sa hannu kawai, ku yi magana da Alhaji." Na ce sai na rubuta abin da na gani. Na rubuta: an karɓi 280, saura 20, da kwanan wata da lokaci. A takardarsa da tawa duka. Da ƙyar ya sa hannu a ƙasa. Na ɗauki hoton takardun da na layukan. Na kira manajan Alhaji kafin motar ta bar Malali. Bai ɗaga ba. Na tura saƙo.

Talata

Takardar kuɗi ta zo ta waya. Buhu 300, cikon 1,350,000. Kamar ba a yi jiya ba.

Lissafina: 20 sau 9,500, naira 190,000. Cikon gaskiya 1,160,000.

Na hana yara taɓa simintin. Injin bulo a tsaye, masu jiran bulo na ta kira. Amma da zarar an fasa layi, ba sauran abin da zan nuna.

Laraba

Shiru. Hazo ya fara.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na je Tudun Wada da kaina. Manaja ya buɗe littafin sito: 300 suka fita. Na ce na yarda sun fita, ban yarda sun iso ba. Farashin ya haɗa da kawowa, motarsu ce, direbansu ne, saboda haka abin da ya faru tsakanin Tudun Wada da ƙofata nasu ne. Da ni na kawo motata na yi lodi, da asarar hanya a wuyana take, ba zan ce uffan ba.

Na nemi ganin takardar da direba ya mayar. Wai ba ta iso ofis ba tukuna. Gabana ya faɗi. Ashe daga littafin oda aka cire takardar kuɗin, ba wanda ya haɗa ta da takardar rakiya. Na nuna hoto, ya daɗe yana kallon sa hannun direba.

"Ka biya duka, Malam, in an gano sai a cire maka a lodi na gaba." Na ƙi. In na biya, ni zan koma bin su bashi.

Juma'a

Bayan masallaci na ga shugaban 'yan sauke kaya. A kan buhu ake biyansu, kuma kuɗin 280 suka karɓa. "Da 300 ne, ai da ba mu bar maka na ashirin ba." Ya ce zai faɗa gaban kowa. Hankalina ya ɗan kwanta.

Ƙanena mai karatun lauya ya ce ƙa'idar ciniki a fili take: aka kawo ƙasa da abin da aka yi alkawari, ka karɓa, kuɗin abin da ka karɓa za ka biya, a farashin da aka shirya. Ya ce kar in riƙe kuɗin da babu gardama a kansa, kar a ce ni ne mai taurin bashi. Na tura 1,160,000. A wurin bayani na rubuta: cikon buhu 280. Na aika rasit tare da wasiƙa, layi biyar, lambar takardar kuɗi a sama.

Asabar

Manaja ya turo yaro ya ƙirga. 28. Ya sa hannu a littafina. Injin ya tashi da azahar.

Ban yi barci sosai ba. Alhaji mutumin mahaifina ne. Ba na son abin ya kai ga kotu, ko ga shugabannin kasuwa.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Alhaji da kansa ya kira. "Ɗana, me ya yi zafi haka?" Na ce, "Baba, ba zafi, ƙidaya ce." Ya ce motar ta biya Kawo ta sauke wa wani kaya kafin ta zo wurina. Za su duba can. Bai ce an yi kuskure ba, bai ce ba a yi ba.

Na ce ko a kawo 20 in biya 190,000, ko a soke takardar a rubuta sabuwa ta 280. Da baki kaɗai ba zai wadatar ba, don littafinsu zai ci gaba da nuna ana bina. Ya ce in sha Allahu.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Mutumin Kawo bai ɗaga waya ba, in ji manaja. Direba ya tafi Zariya. Sabuwar takarda ba ta zo ba. Siminti ya rage layi 19. A littafinsu har yanzu ana bina 190,000.