Allurar Mura Ce Ta Kwantar da Kawu? Mu Ƙirga Kwanakin

Hausa tana da kalma ɗaya, mura, da take kiran cututtuka biyu da ba su yi kama da juna ba sai a hanci. Akwai murar da kowa ya sani, wadda ke zagaye ɗakunan kwananmu da zarar hunturu ya shigo: atishawa, majina, ɗan kaikayin maƙogwaro, amma mutum ya lallaɓa ya je lakca da hankici a hannu. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita ba ta sallama. Da safe kana lafiya, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ka, gaɓoɓi na ciwo, kai na sarawa, ga busasshen tari, kuma ko jarrabawa ce da kai gobe ba za ka iya ɗaga littafi ba. Irinta ce ta zama annoba a 1918, ta shigo ta Ikko a jirgin ruwa, ta bi layin dogo har Arewa. Allurar da ake cewa ta mura, don wannan ta biyun aka yi ta. Ba ruwanta da ta farkon. Ina ganin rabin rigimar da ake yi a kanta daga wannan kalma ɗaya ta taso.

Yawancinmu ba mu taɓa yin wannan allura ba, domin ba ta cikin jerin rigakafin da ake yi wa jarirai kyauta a ƙasar nan. Mun fi jin labarinta a bakin masu shirin Hajji ko Umara, tunda hukumomin lafiya na Saudiyya suna shawartar maniyyata su yi ta, musamman tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a jiki. A gidanmu ma ta nan maganar ta shigo.

Kawuna da ƙanwar mahaifina, wadda muke kira Goggo, suna shirin Umara a ayari ɗaya. Kawu ya riga ya je aka yi masa allurar ranar Litinin. Da daddare dantsensa ya yi tsami. Talata ya tashi jiki ba ƙwari. Laraba sai ga tari da majina da zazzaɓi, ya kwanta kusan mako guda. Da na je gida hutun ƙarshen mako, na tarar an gama shari'a an yanke hukunci: allura ce ta sa masa mura. Goggo kuwa, mai fama da asma da ciwon suga, ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta miƙa hannunta ba.

"Kai ɗan nan," in ji ta, "da idona na gani. Lafiyarsa ƙalau ya tafi, ya dawo da ciwo. Me kuma za ka faɗa mini?"

Na ce, "Goggo, abin da kika gani gaskiya ne. Amma bari mu ƙirga kwanakin tare."

Kafin ƙirgar, sai an san abin da ke cikin sirinjin. Yawancin allurar ana yin ta ne ta hanyar renon ƙwayar cutar a cikin ƙwan kaza, sannan a kashe ta da sinadari, a farfasa ta, a tace. Abin da ya rage a cikin rabin mililitar da ake tsira wa babba a dantse shi ne ɓurɓushin rigar ƙwayar cutar, wato furotin ɗin da ke jikinta ta waje, na nau'i uku ko huɗu da ake sa ran za su yi yawo a wannan shekarar. Ita ƙwayar cuta ba ta sa ciwo sai ta shiga ƙwayoyin halittar hanci da maƙogwaro ta hayayyafa ta zama miliyoyi. Gutsuren riga ba ya haihuwa. Kamar a nuna wa maigadi hular ɓarawo ne don ya gane shi in ya zo. Hular ba za ta haura katanga ba.

To me ya sa jikin Kawu ya yi nauyi ranar Talata? Wannan kam aikin allurar ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Garkuwar jiki ta ga baƙon abu a cikin tsoka, sai ta tura dakarunta wurin. Shi ya sa wurin ke yin tsami, wani lokaci ya yi ja ko ya ɗan kumbura. Sinadaran da dakarun ke saki don kiran 'yan'uwansu suna bin jini, su ne kan kawo kasala, ɗan ciwon kai, ko zazzaɓi mara ƙarfi ga wasu mutane. Abin kan fara cikin sa'o'i kaɗan bayan allurar, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Da yake waɗannan sinadarai ne dai ke sa ciwon jiki in mutum ya kamu da infuluwenzar gaske, ba abin mamaki ba ne a rikita su. Amma akwai alamar da ke raba su. Allurar dantse ba ta sa tari, ba ta sa majina, ba ta sa ciwon maƙogwaro, domin babu abin da ya je hanci ko ƙirji. In ka ga waɗannan, wani baƙo ne dabam ya shigo.

Nan ƙirgar ta zo. Daga lokacin da infuluwenza ta shiga jiki zuwa lokacin da take bayyana, kwana ɗaya ne zuwa huɗu. Tarin Kawu ya fara Laraba. In ka koma baya kwana huɗu, ka isa Asabar. Ranar Asabar ɗin nan an yi ɗaurin aure a unguwa, Kawu ya wuni cikin jama'a yana gaisawa, kuma Goggo da kanta ta tuna cewa jikokinsa biyu sun kwana suna tari tun kafin bikin. Ita kuma allurar, jiki yana bukatar kimanin mako biyu kafin ya gama haɗa kariya. Ke nan ranar Laraba Kawu bai fi wanda bai yi allura ba tsira ko kaɗan. In murar yau da gobe ce ya ɗauka, dama allurar ba ta da iko a kanta. In infuluwenza ce, ta riga allurar isa. Ko ta wace hanya aka bi, ba daga sirinjin ta fito ba. Tsamin dantse da kasalar Talata na allura ne. Tarin Laraba na gari ne. Sun zo a jere, sai ido ya ɗinke su ya mai da su ciwo guda.

Masana sun gwada wannan magana ta hanyar da gida ɗaya ba zai iya ba. A jihar Minesota ta Amurka, a 1994, an ɗauki ma'aikata masu lafiya 849 aka raba su biyu. Rabi aka yi musu allurar gaske, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri, ba tare da kowa ya san wadda ya samu ba. Da aka tambaye su bayan 'yan kwanaki, wajen kashi 64 cikin ɗari na masu allurar gaske sun ce hannu ya yi tsami, a masu ruwan gishiri kuwa kashi 24. Amma a zancen zazzaɓi, ciwon kai, kasala da ciwon jiki, ɓangarorin biyu kusan kunnen doki suka yi: wajen mutum ɗaya cikin uku a kowane ɓangare ya yi ƙorafi. Ku duba da kyau. Mutum ɗaya cikin uku da aka tsira wa ruwan gishiri ya ji ba daɗi a makon. Da a gidanmu yake, da tuni an ɗora wa allura laifi.

Akwai gaskiya biyu da ya kamata masu kare allurar su riƙa faɗa, don in aka ɓoye su, su ne ke dawowa su zama jita-jita. Ta farko, allurar ba sulke ba ce. A shekarar da nau'in da aka zaɓa ya dace da wanda ke yawo, takan rage haɗarin kamuwa da kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ƙwayar tana sauya riga kullum, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke sake duba haɗin sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, kuma shi ya sa allurar bara ba ta wadatar bana. Mutum zai iya yin allura ya kamu, sai dai sau da yawa ciwon kan zo da sauƙi. Ta biyu, akwai wani nau'in rigakafin da ake fesawa a hanci, wanda aka fi ba yara a Turai da Amurka. Shi ƙwayar cikinsa tana da rai amma an raunana ta, ba ta iya hayayyafa a ɗumin huhu. Yana iya sa majina ta kwana kaɗan, kuma ba a ba masu juna biyu ko masu raunin garkuwar jiki. Ba shi ne aka yi wa Kawu ba.

Ga wanda aka yi wa allurar, ga yadda zai gane inda ya dosa. Tsamin hannu da ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu, a sha ruwa, a riƙa motsa hannun, a sha farasitamol in an matsu. In kuwa cikin mintuna fuska ko leɓe suka kumbura, jiki ya feso da borin jini, numfashi ya yi wuya, wannan gaggawa ce. Yana faruwa ga kimanin mutum ɗaya cikin miliyan, kuma saboda shi ne ake cewa a zauna minti 15 a asibitin kafin a tafi. Sai abin da ya fi damuna a ƙasa irin tamu: zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, ko yake ƙaruwa, ko yake zuwa da rawar sanyi. Kada a ce "ai allura ce" a ja bargo. A je a yi gwajin maleriya. Sauro bai san an yi maka allura ba, kuma wanda ya ɗora wa allura laifin zazzaɓin cizon sauro zai iya ɓata kwanakin da ya kamata a ce ya fara shan magani.

Goggo ba ta ce na yi gaskiya ba. Manya ba su cika faɗin haka ba. Cewa ta yi, "To in zan yi, yaushe ya kamata?" Na ce aƙalla mako biyu kafin tashi, kuma ta gaya wa likitanta maganin da take sha da duk abin da jikinta ba ya so. Ta je da saura mako uku. Hannunta ya yi tsami kwana biyu, ta yi ta mita, shi ke nan.

Mu ɗalibai masu jini a jika, infuluwenza kan kwantar da yawancinmu mako guda ta tafi. Amma a ajinmu akwai masu sikila, akwai masu asma, akwai matan aure masu juna biyu, a gida kuma akwai iyaye masu ciwon suga da ciwon zuciya. Su ne wannan ciwo kan gangaro wa huhu ya zama nimoniya. Mu ne kuma ake tambaya a gida, don an ce mun yi boko. In wani ya ce maka allura ta sa masa mura, kada ka ƙaryata ciwonsa. Tambaye shi abu uku: wace rana aka yi allurar, wace rana ciwon ya fara, kuma akwai tari da majina ko babu.