City ta ci, amma kuɗinka sun tafi: Handicap da Over/Under

1/ Duk wanda ya tambaye ni Handicap a gidan kallon bal, wasa ɗaya nake kawo masa: fainal ɗin Gasar Zakarun Turai na 2023 a Istanbul. Man City 1, Inter 0, Rodri ya ci. Riƙe wannan sakamakon.

2/ Kai da ka saba da 1X2, tambayarka ɗaya ce: wa zai ci? Matsalar, idan babbar ƙungiya ce ribar ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa kamfanin caca ke rage mata ƙwallaye tun kafin a take wasa, ya ƙara maka riba. Handicap ke nan.

3/ A ce ka zaɓi City -1.5. Bayan an tashi, cire 1.5 daga ƙwallayenta. 1 ya koma -0.5, Inter na da 0. A takardarka City ta sha kashi, alhali ga su can suna ɗaga kofi. Sai ta ci da tazarar ƙwallo biyu kafin ka ga ko sisi. Wanda ya ɗauki Inter +1.5 kuwa ya ci.

4/ Rabin ƙwallon nan, .5, aikinsa hana canjaras ne kawai, tunda ba a cin rabin ƙwallo.

5/ Inda na fi ganin ana rikicewa: City -1. Lissafi ya koma 0-0. A Asian Handicap, kuɗinka za a mayar maka. A Handicap mai zaɓi uku, wanda ake rubutawa 0:1, canjaras zaɓi ne mai zaman kansa, don haka ka faɗi. Lamba ɗaya, hukunci daban. Duba sunan da ke saman allo.

6/ Over/Under ba ruwansa da wanda ya ci, jimillar ƙwallaye yake ƙirgawa. Over 2.5 na son uku ko fiye, Under 2.5 biyu ko ƙasa. A wasan nan ƙwallo ɗaya ce, Under ya ci.

7/ Kuma minti 90 ake ƙirgawa da mintunan da alƙalin wasa ya ƙara, ban da ƙarin minti 30. Fainal ɗin Kofin Duniya na 2022 mun ga ƙwallo shida, amma Argentina da Faransa 2-2 suke a minti 90. Mai Over 4.5 ya faɗi.

8/ Ni abin da ke hana ni ruɗuwa da su shi ne wannan lissafin. A ce Over da Under kowanne 1.90 ne. Sa naira 1,000 a kowanne, dole ɗaya ya ci. Ka fitar da 2,000, ka karɓi 1,900. Naira 100 ɗin nan ta kamfani ce, ko wace ƙungiya ta ci.