Yaji da Biko

Ku 'yan makaranta, yawancinku kuna da yayye mata a ɗakin aure, ku ma kuwa kuna tafe. Saboda haka mu ke so mu yi muku magana a kan yaji, gama a ganinmu shi ne ma'aunin da ya fi nuna lafiyar aure ko ciwonsa.

Saɓani kam ba ciwo ba ne, ko harshe da haƙori su kan saɓa. Miji da mata su yi faɗa da hantsi, kafin la'asar suna dariya, wannan ba kome. Abin dubawa shi ne tsoro. In mace ta ji sallamar mijinta gabanta ya faɗi, ta shiga auna kowace kalma kafin ta furta, to, gida ya fara ruɓa daga ciki. Haka kuma in ya yanke ta daga danginta, ya hana ƙannenta shigowa, ya karɓe 'yan kuɗin sana'arta.

Mun san wata a unguwarmu da ta yi yaji sau uku. Na fari saboda zagi ne, mijin ya zo biko da goro da turmin atamfa, aka zauna lafiya wata takwas. Na biyu mari ne, lafiyar ta yi wata uku. Na uku ya shaƙe mata wuya, sa'an nan ya zo yana kuka. Dattawa suka dubi hawayen, suka ce ta yi haƙuri. Mu kuwa watannin mu ka ƙirga: cutar tana girma, hutun yana raguwa. Ba daɗin bakin mai biko a ke aunawa ba, a'a, abin da ya sake bayan biko, kuma ko ya amsa laifinsa ko ya ce ita ta ja. Shaƙe wuya kuwa ba ya jiran lissafi, domin masu bincike sun tabbatar yana cikin manyan alamun da kan riga kisa.

To, ina mafita? Ga Musulmi, aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta ce a tsai da mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. In sulhu ya faskara, a mazhabar Malikiyya alƙali yana da ikon raba auren saboda cutarwa, ba tare da ta mayar da sadaki ba, muddin an sami shaidu, ko labarin ya bazu cikin maƙwabta. Shi ya sa ɓoye tabo ya ke cutar mai shi. In babu shaida, sai ta nemi hul'i, watau ta fanshi kanta, galibi da mayar da sadakin.

Amma fa lokacin fita ya fi kowane lokaci hatsari. Kada ta sanar da shi su biyu kaɗai a ɗaki. Ta fara kai kanta da 'ya'yanta gidan waliyyinta, daga can a aika masa.