Lissafi daidai, hukunci a karkace: juyin wainar Simpson

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da karatu ya kawo nan Kudu. Yau maganar lissafi ce, amma kada kowa ya gudu, tarawa da rabawa ne kawai.

Akwai muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakaninmu, a zaurukan WhatsApp ko bayan sallar Isha'i. Wani zai kawo alkaluma biyu: kaso kaza na waɗancan sun samu gurbin karatu, mu kuma kaso kaza. Ɗaya ya ce an danne mu, ɗaya ya ce a'a, mu ne ba ma ƙoƙari. Ni da nake mastas, ina fama da alkaluma kullum, abin da nake cewa shi ne: waɗannan lambobi biyun kaɗai ba su isa a yanke ko ɗaya daga cikin hukuncin biyu ba. Ga dalilina.

Masana ƙididdiga suna da wani abu da suke kira faradoks ɗin Simpson, da sunan Edward Simpson, Baturen Ingila da ya yi rubutu a kai a 1951. Ni juyin waina nake ce masa. Ma'anarsa, rukuni ɗaya zai iya fin ɗaya a kowane sashe in an duba su ɗaiɗai, amma da an zuba su a tukunya guda sai sakamakon ya juye. Kuma babu wanda ya yi maguɗi.

Misalin da ya fi shahara daga jami'a ya fito. A 1973, a Jami'ar California da ke Berkeley a Amurka, maza 8,442 sun nemi gurbin karatun gaba da digirin farko, aka ɗauki kusan kashi 44 cikin 100. Mata 4,321 suka nema, aka ɗauki kusan kashi 35. Duk wanda ya ga wannan zai ce ana nuna wa mata bambanci. Sai Peter Bickel da abokan aikinsa biyu suka bi alkaluman sashe-sashe, suka wallafa abin da suka gano a mujallar Science a 1975.

Alkaluman manyan sassa shida na jami'ar sun yaɗu a littattafan ƙididdiga, an ɓoye sunayensu an sa musu A zuwa F. Na zaɓo biyu, A mai sauƙin shiga da F mai tsananin wuya, don abin ya fito fili:

| Sashe | Maza: nema / ɗauka | Kaso | Mata: nema / ɗauka | Kaso |
|---|---|---|---|---|
| A | 825 / 512 | 62% | 108 / 89 | 82% |
| F | 373 / 22 | 6% | 341 / 24 | 7% |
| Jimla | 1,198 / 534 | 45% | 449 / 113 | 25% |

Don Allah ku tsaya ku kalli teburin nan da kyau. A sashen A mata ne a gaba, 82 da 62. A sashen F ma mata ne a gaba, 7 da 6. Amma a layin ƙarshe maza sun yi musu fintinkau, 45 da 25. Ku ɗauko wayarku ku raba 534 da 1,198, ku raba 113 da 449. Lissafin daidai yake.

To ina matsalar ta shigo? Amsar tana wajen masu nema, ba wajen kaso ba. Cikin maza 1,198, guda 825 sashen A suka nufa, wato kusan 69 cikin kowane 100 sun ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe. Cikin mata 449 kuwa, 341 sashen F suka nufa, wato kusan 76 cikin 100 sun yi layi a ƙofar da ko mutum ɗaya cikin goma ba ya wucewa. Saboda haka jimlar maza ta karkata wajen 62 na sashen A, ta mata kuma ta gangara wajen 7 na sashen F. Layin jimla ba namiji da mace yake kwatantawa ba. A ɓoye, sashe mai sauƙi yake kwatantawa da mai wuya.

Ga hanyar gwadawa. Mu ɗauka mata 100 sun rarrabu kamar yadda maza suka rarrabu, 69 sun je A, 31 sun je F, kuma an ɗauke su da kason da aka ɗauki mata a zahiri. Kashi 82 na 69 ya kai kusan 57. Kashi 7 na 31 kusan 2 ne. An samu 59 ke nan cikin 100, sama da 45 na maza. Ba mu taɓa komai ba sai inda suka kai takardunsu, amma waina ta koma yadda take.

Ba don na zaɓi sassa biyu ba ne kawai. Cikin sassa shidan, mata ne ke gaba a huɗu, amma in an haɗa su duka sai ka ga maza kusan 45, mata kusan 30.

Sai dai kada wani ya ɗauki wannan ya ce ashe babu wata matsala. Abin da rabawar ta nuna shi ne ba masu tantancewa a sassan ba ne suka haifar da wannan giɓin. Ba ta amsa tambayar da ke bayanta ba: me ya sa mata suka yi cincirindo a fannonin da gurbi ya yi kaɗan, irin su Ingilishi, maza kuma a irin su injiniya? Masu binciken da kansu sun nuna cewa tushen yana can baya, a tarbiyya da karatun da aka ɗora yara mata a kai tun kafin jami'a. Matsalar ba ta ɓace ba, adireshi ta canja. Kuma wanda bai san inda ciwo yake ba, a wurin lafiya zai shafa magani.

Haka nake kallon tamu muhawarar. In an ce ɗaliban wani yanki sun fi samun gurbi, ina so in san wane kwas kowa ya nema, domin mai neman likitanci ko lauya ba layi ɗaya yake da mai neman kwas ɗin da kujeru ke jiran mutane ba. Mai yiwuwa in an raba a ga danniyar tana nan, har ta fi yadda ake zato. Mai yiwuwa a ga giɓin daga sakandare ya taso. Kowanne da maganinsa, kuma in za mu kai koke gaban hukuma, gara mu je da teburin da ba za a rushe mana shi da tambaya ɗaya ba.

Ku kuma masu rubuta furojet, wannan tarkon yana jiranku a babi na huɗu. Yana kamawa ne in abu biyu sun haɗu: akwai wani abu na uku da ke da tasiri sosai a kan sakamako, kamar birni da ƙauye ko makarantar kuɗi da ta gwamnati, sannan rukunan da kake kwatantawa ba su rarrabu daidai a kansa ba. In ɗaya ya rasa, waina ba ta juyewa. Don haka kafin ka kai wa malamin da ke duba aikinka, raba teburinka a kan wannan abu na ukun, ka rubuta adadin mutane kusa da kowane kaso. Amma kada ka yi ta yankawa har rukuni ya koma mutum biyar, domin a nan mutum ɗaya ya zama kashi 20, kuma dace ne zai riƙa yi maka magana.

Wanda ke da tebur irin wannan a aikinsa, ya raba shi a daren nan ya gaya mana abin da ya fito. Allah Ya ba mu sa'a, Ya maida mu gida lafiya da abin da muka zo nema.