Gaskiya Biyu a Lakca Ɗaya

Rubutun wannan mako daga ajinmu na difloma ya fito, lokacin da muke karanta aikin jarida.

Mu shida ne muke haɗuwa bayan Isha'i domin bitar jarrabawa. Littattafai biyu muka dogara da su: na wata 'yar'uwarmu mai zama a layin gaba, mai kyan rubutu, da na wani ɗan'uwanmu mai zama can baya, wanda rubutunsa kamar tsakuwar kaji amma hannunsa na da sauri. Saura kwana uku jarrabawar tarihin jarida, sai muka iso kan Gaskiya. Ita ta rubuta "Gaskiya, 1945". Shi kuma "Gaskiya, 1939". Malami ɗaya, rana ɗaya, aji ɗaya.

"Haba Malam, kai da kake can baya me ka ji?" in ji ta.

"Hajiya, kunne ai ba ya zaɓen benci," in ji shi.

Abin da muka fara yi kuskure ne: ƙidaya. Muka tattaro littattafan sauran 'yan aji, huɗu suka ce 1945, biyu suka ce 1939, muka ce magana ta ƙare. Sai wani cikinmu ya lura cewa a uku daga cikin huɗun nan an bar gurbin kalma ɗaya a wuri guda, daidai inda ita ta bari. Ashe littafinta suka ara suka kwafa, don ba su zo ranar ba. Shaidu huɗun nan shaida ɗaya ce da ta sake riga. Tun daga ranar, kafin mu saurari littafi sai mun tambayi mai shi ko da kunnensa ya ji.

Daga nan muka daina kallon shekarun, muka koma kan maƙwabtansu. Muka shimfiɗa littattafan biyu gefe da gefe, muka karanta layi uku na sama da uku na ƙasa. A nasa, bayan 1939 akwai Janairu, akwai Abubakar Imam a matsayin edita. A nata, bayan 1945 babu edita ko kaɗan, sai Zariya da maganar buga littattafai. Can ƙasa kuwa dukansu biyu sun rubuta cewa jaridar ta riƙa kai wa mutanen Arewa labarin Yaƙin Duniya na Biyu. To, yaƙin da aka fara 1939 aka gama 1945, yaya jaridar da aka haifa a shekarar ƙarshensa za ta ɗauki labarinsa tsawon shekaru? Littafinta da kansa ya ƙaryata fassarar da muka yi masa.

Amma ba ƙarya ta rubuta ba. Washegari a laburare muka tabbatar: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, shi kuma Kamfanin Gaskiya, wato maɗaba'ar, an kafa shi a 1945. Malam ya ambaci duka biyun. Ita ta makara 'yan mintoci, ta riski na biyu. Shi ya kama na farko, na biyun ya wuce shi. Kowa ya taƙaita sunan zuwa kalma ɗaya, kuma a cikin kalmomin da aka yar ɗin nan rigimar take.

Kada a ɗauka kullum haka ake rabuwa kowa da gaskiyarsa. A shafin baya, ita ta rubuta cewa Iwe Irohin, jaridar da Henry Townsend ya kafa a Abeokuta, ta fara a 1859, shi ya rubuta 1895. Nan babu sulhu. Lambobi iri ɗaya da suka sauya wuri alama ce ta hannu ya riga kunne. Kuma a nasa littafin ya kira ta ta farko, alhali a ƙasa ya sa Lagos Times a 1880. Ya duba, ya yi dariya, ya ce wannan kam ya faɗi.

Ba mu goge komai ba. Da jan biro muka cike sunayen a gefen shafi, muka rubuta inda muka samo gyaran, don kada wanda zai ari littafin gobe ya ɗauka daga bakin malam ya fito. Tambaya ɗaya muka kai wa malam, ita ma ba "wa ya fi gaskiya?" ba. Cewa muka yi: "Malam, in an tambayi kafuwar Gaskiya, jaridar ake nufi ko kamfanin?" Ya ce mu karanta tambayar da kyau in ta zo.

Ta zo kuwa, jaridar aka tambaya. Da muka fito, 'yar'uwar tamu ta miƙa masa littafinta ta ce ya cike mata mintocin da ta makara, ita kuma za ta duba masa duk wata shekara da ya rubuta da gudu.