Maki talatin da ɗaya

A ƙarshen shekarar 2024 na yi wata aika-aika da biro da takarda, a wani kamfanin gyaran shinkafa da ke Wudil, inda nake riƙe da harkar ma'aikata. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin laifin nawa ne ni kaɗai.

Da na fara aiki a can mu goma sha takwas ne, kuma albashi a bakin Alhaji mai kamfani yake. Wanda ya zo ta hannun aboki a yanka masa kaza, wanda ya iya roƙo gab da Sallah a ƙara masa, mai kunya kuma ya shekara uku yana karɓar abu ɗaya. Da muka kai mutum arba'in da shida sai abin ya fara wari. Direbobi biyu suna tuƙa mota iri ɗaya zuwa kasuwar Dawanau, ɗaya ya fi ɗaya da naira dubu goma sha biyar, ba wanda zai iya faɗin dalili. Ana cikin haka, a watan Yuli na 2024, Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, daga baya gwamnatin Kano kuma ta yanka wa nata ma'aikatan 71,000. Dokar ta ɗauke wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai ashirin da biyar ba, mu kuwa tuni mun wuce nan. Alhaji ya kira ni ya ce, "Ka tsara mana matakai kamar na gwamnati, na gaji da ƙorafi."

Wannan kalma ta "kamar na gwamnati" ita na riƙe da hannu bibbiyu. Matakan albashin gwamnati goma sha bakwai da kowa ya sani sun samo asali ne daga hukumar Jerome Udoji, wadda Janar Gowon ya kafa a 1972, ta miƙa rahotonta a 1974. Dattawa suna tuna ta da kuɗin ariyas da yadda kaya suka yi tashin gwauron zabi a kasuwa, amma babban aikinta shi ne auna ayyukan gwamnati da jera su a kan tsani ɗaya. Abin da mu 'yan baya muka tarar shi ne ƙofar shiga tsanin: mai digiri ya fara daga mataki na takwas, mai difloma daga na shida. Sai ya zauna mini a kai cewa tsara albashi shi ne jera takardun makaranta.

Na san hanyar ba da maki, na karanta ta a makaranta. Ana zaɓar 'yan ma'aunai, a raba musu maki ɗari gwargwadon nauyinsu, a auna kowane aiki da su, jimillar makin ita ke nuna matakin da aikin zai zauna. Na zaɓi guda huɗu. Takardar makaranta na ba ta maki 40, shugabantar wasu 25, riƙe kuɗi 20, wahalar jiki 15. Na kulle kaina a ofis kwana uku, da fayil ɗin kowa a gabana da fanka a kaina, na gama. Ko sau ɗaya ban taka bayan kamfani inda ake turara shinkafa ba, alhali tafiyar ba ta kai ta minti biyu ba.

Ga yadda lissafin ya faɗa wa mutum biyu. Akwai yaro mai rubuta rasit a bakin ƙofa, mai difloma, mai ladabi. Ya sami 32 a takarda, 5 a shugabanci, 14 a kuɗi, 3 a wahala, jimilla 54, mataki na uku, naira 104,000. Akwai kuma dattijon da ke kula da tukunyar turara, wanda muke kira Baba. Karatunsa na allo ne da firamare. Na ba shi 8 a takarda, 10 a shugabanci saboda yara biyu da ke taya shi, sifili a kuɗi tunda ba ya taɓa ko kwabo, 13 a wahala. Jimilla 31. Don dai kada ya zauna layi ɗaya da masu shara, na tura shi mataki na biyu, naira 86,000, har ina ganin na yi masa alfarma.

Ranar da aka liƙa takardar a jikin allo, Baba ya sa wani yaro ya karanta masa. Da la'asar ya leƙo ofishina, hularsa duk ƙaiƙayi, ya ce, "Manaja, ashe mai rubuta buhu ya fi mai dafa shi?" Na ce, "Baba, ba ni na yanka ba, lissafi ne ya kawo haka." Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya sa albarka, ɗana." Wannan amsar tawa ita ta fi ci mini rai har yau. Ni na zaɓi ma'aunan, ni na raba musu nauyi, sannan na ɓuya a bayan jimillar kamar daga sama ta faɗo.

Bayan wata biyu ya yi sallama, wani kamfani a wajen Kura ya ɗauke shi. Muka ɗora babban yaronsa a kan tukunya. A mako na biyu aka jiƙa shanshera tan goma, buhu ɗari kenan, aka bar ta a ruwa ya huce har ta fara tsami, sannan aka yi gaggawar busar da ita da zafi mai yawa. Da ta shiga injin casa sai ta riƙa fitowa a kakkarye, ga wani bashi-bashi da ko makaho zai gane. Dillalinmu ya damƙi tafi ɗaya, ya shinshina, ya mayar cikin buhu bai ce komai ba. A farashin gutsattsari muka sayar. Asarar wannan dahuwa ɗaya ta fi abin da za mu ƙara wa Baba a shekaru da dama.

Sai a lokacin na je na tsaya a bakin tukunyar, na ga abin da na ba maki 31. Mai wannan aiki shi ke sanin zafin ruwan jiƙo, wanda ake so ya tsaya tsakanin digiri sittin da saba'in, da awannin da kowace irin shanshera ke buƙata. In jiƙon ya gaza, ƙwaya ta fito da farin ciki a tsakiyarta. In ya zarce, ta yi wari. Shi ke sanin lokacin sakin tururi da lokacin tsayar da shi, shi ke sauko da danshin ƙwaya a hankali zuwa wajen kashi goma sha huɗu cikin ɗari, domin in aka yi garaje sai ta tsattsage tun kafin ta ga inji. Muna da na'urar auna danshi, amma yaran sun ce Baba yakan ciji ƙwaya ɗaya ya faɗi lamba, in an gwada a tarar bai yi nisa ba. Dukiyar da ke ratsa hannunsa a yini ɗaya ta fi abin da ke shiga aljihun teburin mai rasit a mako, amma na rubuta masa sifili don ban ga takardar naira a hannunsa ba.

Kuskuren nawa hawa biyu ne. Na auna mutanen da ke kan kujeru da abin da ke cikin fayil ɗinsu, alhali kujerar ake aunawa: me aikin ke buƙata ga duk wanda zai hau shi? Rubuta rasit ba ya buƙatar difloma, wanda ya gama sakandare zai iya cikin wata biyu. Sannan na ɗauko nauyin ma'aunai daga sakatariya, inda aikin takarda ne, na ɗora wa wurin da arzikinsa ke cikin tururi da ƙarfe.

Da muka sake, ban yarda na yi ni kaɗai ba. Muka kafa kwamiti na mutum biyar: ni, da akanta, da shugaban masu inji, da mutum biyu da ma'aikata suka zaɓa da kansu, ɗaya mace daga cikin masu tsince. Muka cire sunayen mutane gaba ɗaya, muka ga cewa mutum arba'in da shida ɗin ayyuka goma sha huɗu kawai suke yi. Kowane aiki sai da biyu daga cikinmu suka yini tare da mai yin sa, suka rubuta shafi ɗaya, aka karanta masa ya ce haka ne. Ma'aunan kuma muka yanke nauyinsu tun kafin a auna aiki ko ɗaya, don kada wani ya karkata sikeli saboda ɗan'uwansa. Ƙwarewa, wato tsawon lokacin da sabon mutum zai ɗauka kafin a sakar masa aikin, 35. Alhaki, wato girman asarar da kuskurensa zai jawo, ko kuɗi ne ko kaya ko lafiyar wani, 30. Wahala da haɗari 20, jagoranci 15. Kowane ma'auni muka yi masa hawa biyar, da bayanin kowane hawa a rubuce.

Aikin tukunya ya sami 28 da 24 da 16 da 6, jimilla 74, mataki na huɗu cikin biyar. Aikin rasit ya sami 14 da 18 da 4 da 3, jimilla 39, mataki na biyu. Kafin mu yarda da sakamakon sai da muka jera ayyukan goma sha huɗu a kan allo daga sama zuwa ƙasa, muka tambayi tsofaffin ma'aikata ko akwai wanda ya zauna inda hankali bai ɗauka ba. Da na yi wannan ɗan gwajin tun farko, da mai gadi ma ya faɗa mini na yi shirme.

Kuɗi ya zo daga baya, kuma ya fi sauƙi. Mataki na ɗaya ya fara daga 72,000, kowane mataki ya ɗara na ƙasansa da kusan kashi ashirin cikin ɗari: 86,000, sai 104,000, sai 125,000, sai 150,000. A cikin kowane mataki akwai ƙananan hawa na shekara, don wanda ya daɗe ya ga bambanci ba sai an canza masa aiki ba. Maki yana jera ayyuka ne a cikin gida, ba ya sanin abin da ake biya a waje, shi ya sa direbobin manyan motoci sai da muka yi musu alawus daban, a rubuce, domin a makinsu kaɗai ba za su zauna ba.

Abin da ya fi wuya shi ne yaron rasit. Rufin mataki na biyu 100,000 ne, shi kuwa yana karɓar 104,000 da ni na ba shi. Akanta ya ce a rage, na ƙi, domin ba shi ya yi kuskuren ba. Muka bar masa albashinsa, amma ba zai sami ƙarin shekara ba sai matakin ya tarar da shi ko ya koyi aikin sito ya hau na uku. Ni na zaunar da shi na faɗa masa da bakina. Ya yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ban kuma ga laifinsa ba.

Wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, na hangi Baba kusa da kara ya zo sayen ɗan maraƙi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na zalunce ka, kuma mun gyara. Kujerarka yanzu 125,000 ce, ka dawo." Ya ce, "Na yafe maka tun ranar, ɗana. Amma mutanen can sun riƙe ni da mutunci, ba zan watsa musu ƙasa a ido ba." Ya dai yarda yakan zo ranar hutunsa ya duba yaron da ke kan tukunya, muna biyan sa ladan yini. Yaron yanzu wata bakwai kenan bai ɓata dahuwa ba, kuma yana mataki na uku har sai Baba ya ce ya isa.