Makon da Kwamfuta Ta Cinye Cinikin Kawu

A shekarar 2015, lissafin shagon kawuna a Kasuwar Sabon Gari ta Kano yana cikin wani littafi mai baƙin bango da man gyaɗa ya gama jiƙawa. Ranar Lahadi sai ya zauna da kalkuleta yana tara cinikin mako, wani lokaci har sau uku, kowanne da amsarsa. Ni kuwa na fito daga makarantar koyon kwamfuta da ɗoki, na ce a bar mini aikin.

Na buɗe Excel, na tsara ginshiƙai shida daga A zuwa F: kwanan wata, kaya, yawa, farashi, jimla, sai na ƙarshe da ke nuna kuɗi hannu ne ko bashi. Kawu ne ya nace a kan na ƙarshen nan, kuma shi ke da gaskiya, domin katan ɗin taliyar da aka ɗauka bashi ciniki ne, amma ba ya cikin aljihun tebur. Kowane ciniki layinsa daban. A ginshiƙin jimla na sa `=C2*D2` na ja shi ƙasa. Don jimlar mako kuwa, na rubuta ranar Litinin a H2, na sa wannan a gefenta:

```
=SUMIFS(E:E,A:A,">="&H2,A:A,"<="&H2+6)
```

Wato a tara duk cinikin da ya faɗo tsakanin Litinin ɗin da kwana shida a gaba.

Makon farko ya fara ran 6 ga Afrilu. Littafin Kawu ya ba da kusan naira dubu 240, kwamfuta ta ce dubu 38. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ai cinikin Litinin ne kaɗai. Ina sauran?" Na rasa bakin magana.

Sai ran 13 ga wata na gano bakin zaren. Da na buga 13/04/2015, rubutun ya maƙale a hagun akwatin, alhali na baya duk suna dama. A Excel, lamba da kwanan wata dama suke jingina, abin da ya ɗauka a matsayin rubutu kawai shi ke zama hagu. Ashe kwamfutar a tsarin Amurka take, wata kafin rana. Ta karanta 06/04 a matsayin 4 ga Yuni, 07/04 kuma 4 ga Yuli, kowace rana ta faɗa wani wata daban. Da ta ga 13, babu wata na sha uku, sai ta bar shi rubutu.

Na mai da `Region` zuwa tsarin Birtaniya, na sake buga ranakun, daga nan kuma sai `Ctrl+;` nake dannawa ranar ta shiga da kanta. Jimla ta yi daidai da littafi, ban da naira 600 da Kawu ya tsallake a tarawarsa.

Duk da haka bai ajiye littafin ba sai bayan wata uku, kuma ban ga laifinsa ba.